Rubutun da ke Ƙirjin Idi Bango

SHAFI NA 23

Da sunan Allah mai rahama. Masu cika min waya da saƙo wai in daina wahalar da Idi, ku yi haƙuri, yau ma ba ranarsa ba ce. Ni dai ban aike shi ba.

Ana idar da sallar la'asar Idi Bango ya sauka daga kan kabu-kabu a bakin shagon Alhaji Abdulmalik da ke kasuwar Dogon Dutsi. Sabuwar shadda ce a jikinsa, tana ta ƙara saboda sitaci, turare kuwa kamar da shi ya yi wanka. Wanda bai san shi ba ba zai ce wannan ne ɗan kokawar garin Ɗan Kassari da bana ba a sami mai kai bayansa ƙasa ba a duk yankinsu na Arewa, wanda ake shirin kaiwa Doso a zaɓe shi cikin masu neman takobin da ake ba zakaran kokawa na ƙasa.

Saƙo ɗaya aka kai masa da safe. Alhaji Abdulmalik, yayan Hannatu, wanda yake riƙe da ita tun rasuwar mahaifinsu, ya ce ya zo su yi magana a kan yarinyar nan. Idi bai tsaya tambayar wace irin magana ba. Tun a hanya ya gama zaɓen kawun da zai tura neman aure.

Shagon kayan ƙasar Sin ne: filas, kofunan shayi na gilashi, farantan tangaran, ƙwan lantarki, kwalaye har rufi. A bakin ƙofa an jera benci biyu, 'yan kasuwar layin sun cika su, abin da ba a saba gani ba ana tsakiyar ciniki. Daga ciki Hannatu ce zaune a kan kujerar roba, hijabinta har ƙasa, idonta a kan yatsunta. Kusa da ita wani siririn saurayi mai tabarau yana juya makullin mota.

"Bango! Lale, lale," in ji Alhaji Abdulmalik, yana shafa gemu. "Shigo daga ciki. Ga Luƙman, ɗan abokina na. Ƙasar Sin yay yi karatu, shi ka yi ma Sinuwan ga masu aikin bututun mai tahinta."

Idi ya durƙusa ya gaida shi hannu biyu. Jin an ambaci ƙasar Sin ma daɗi ya yi masa. Wawa.

Bari in tuna muku, don wasunku a tsakiya kuka shigo. Bara Hannatu ta ce masa so na baki kowa ya iya, in da gaske yake ya rubuta inda ba ya goguwa. Wasa take yi, irin na 'yan mata. Shi kuwa bai san wasa ba. Ya hau mota ya tafi Doso wurin wani mai aski, Sharif, da ya sayo injin zanen jiki, ya buɗe masa ƙirji. Boko kowa zai karanta, Larabci kuma malamai su ci shi ɗanye, shi ya sa suka zaɓi rubutun Sin, wai sirri ne tsakaninsa da ita. Sirrin da bai kwana uku ba Idi da bakinsa ya baza shi a fadar samari, wurin hirarsu.

Abin da gari bai sani ba shi ne Hannatu ta rama. Idi ya ɗauki kansa hoto ya tura mata, ta kai wa Zalika mai lalle, aka rufe ɗaki. Zalika ba ta da inji, da allura da baƙin tukunya ta yi mata, irin jarfar da kakanninmu suke yi. Layin ƙarshe kawai ta ɗauka, alamomi huɗun da Sharif ya ce suna nufin "zuciya ɗaya har abada", don babu sunan kowa a ciki. Suna nan a bayan kafaɗarta ta hagu. Ta sa Idi ya rantse ko za a yanka shi ba zai faɗa ba, don ta san yayanta. Mutumin da ya taɓa fasa wayarta saboda waƙa, ya ji an huda fata da allura an zuba baƙi?

"Bango," in ji Alhaji, "ni mutum na mai son gaskiya. Gari ya ɗauka wai sunan ƙanwata na bisa ƙirjinka. Kana shiga hili tsirara, kana birgima cikin rairai, 'yan kallo na nuna shi da yatsa. Haka na?"

"Alhaji, ba don wulaƙanci nay yi ba. So na."

"Ban ce komi ba. In dai sunanta na, to magana ta ƙare, ban da ta cewa. Gani kawai nika son yi da idona."

Hannatu ta ɗago.

"Yaya, don Allah..."

"Ke, da ke nika magana?"

Ta mayar da kai ƙasa. Idi ya ji "magana ta ƙare" ya fassara ta yadda ransa yake so. Ya miƙe, ya tuɓe shaddar, ya ninke ta a hankali ya ɗora a kan kwali. Ya buɗe ƙirji yana murmushi, har da ɗan motsa tsoka don 'yan benci su gani.

Layi uku ne, baƙaƙe, daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Na sama alamomi bakwai, na tsakiya uku, na ƙasa huɗu. Wasu wuraren tawadar ta bazu ta haɗe, wasu fatar ta tasa inda allura ta nutse da yawa.

Wani daga cikin 'yan benci, Issa mai sayar da taya, ya ɗaga waya ya fara ɗauka.

"Karanta muna da kanka tukuna," in ji Alhaji.

Idi ya ɗora yatsa a layin sama. Ya haddace shi kamar karatun allo.

"Hannatu." Ya sauko. "Ina son ki." Ya sauko. "Zuciya guda hal abada."

"Masha Allah. Luƙman, bisimilla."

Luƙman ya gyara tabarau, ya matso har numfashinsa yana taɓa fatar Idi. Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Pardon," ya ce, yana danne dariya. "Wa yay yi maka wanga aiki?"

"Sharif, can Doso. Gwani na."

"Takarda gare shi, ko? An rubuta A, gabanta alama. B, gabanta alama. Hal Z."

Idi ya washe baki.

"Ita ta! Manne take ga bango. Ashe ka san ta."

"Na san ta ƙwarai. Tana yawo cikin waya, masu aski na bugawa su liƙa. Sai dai Sinuwa ba su da A, ba su da B. Ba su da baƙaƙe ko guda. Kowace alama kalma ta, da ma'anatta da sautinta. In za su rubuta Hannatu, sauti suka bi: Han, na, tu. Alama ukku, an gama. Kai bakwai gare ka."

Ya ɗora ƙarshen makullin mota a kan fatar.

"Ga ta biyu da ta biyat iri guda, don A biyu ce. Ga ta ukku da ta huɗu iri guda, don N biyu ce. Wani na can yaz zauna yat tsinto alamomi yaj jera ma A, B, C, don ya ci kasuwa."

"To mi suka cewa?" Alhaji ya tambaya, kamar bai sani ba. Ya sani. Tun jiya Luƙman ya gaya masa.

"Wagga mace ta. Wagga ba ma kalma ba ta, gutsure na, gehen alamar ruwa, ba ta tsayawa ita ɗai. Wagga kuwa kihe take, kanta na ƙasa. In Basine yag gani, cewa zai yi yaro yay yi wasa da alƙalami."

"Sunan ƙanwata hwa?"

"Babu shi, Alhaji. Ko warinai babu."

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji da ƙarfi, yana juyawa ga benci. "Kun ji dai da kunnuwanku."

Murmushin Idi bai tafi gaba ɗaya ba, ya tsaya a rabin baki. Ya dubi Hannatu, ba ta dube shi ba.

"To na tsakiya hwa?" ya ce. "Wanga ba ga takarda anka ɗauko shi ba. Waya tab ba mu. Ni da idona nig gani, an rubuta je t'aime, ina son ki kenan, tah hiddo shi."

"Waya ba ta yi ƙarya ba," in ji Luƙman. "Wo ai ni. Ni, so, ke. Ta hwarko daidai take, ta ƙarshe daidai take. Hwaɗa mani, ƙaƙa yay yi kahin ya sa allura?"

"Ga takarda yaz zana, yas shahwa mani sabulu, yam manna, shuɗi yah hito ga hwata. Sannan yab bi da inji."

"Kana zuhwa?"

"Bazara ta. Wuta ma ta ɗauke, sai da munka jira."

"Voilà. Zuhwa ta wanke shuɗin, shi kuwa bai san abin da shika zanawa ba, sai yac cike da ka. Alamar so, sama yatsu na, tsakiya ruhi, ƙasa alamar aboki. Shi ya yar da layi biyu daga cikin abokin. Gare ka layi biyu ba komi na ba. Gare su wata kalma ta daban."

"Wace?"

"Karɓa. Ko shan wahala, ko daurewa da abu."

Wani a benci ya ce, "Kai!"

"Kuma ba ta ma zauna ba," Luƙman ya ci gaba, yanzu ya fara jin daɗin kansa. "Ni, daure, ke. Magana ta da ba a ƙare ba, mai karatu jira zai yi ya ji sauran. In ka ƙara alama biyu, sai ta koma na gaji da ke. Saura kaɗan da ka kammala."

Benci ya fashe. Issa har wayar tana rawa a hannunsa. Masu wucewa suka fara tsayawa, mai turin ruwa ya ajiye kurarsa a tsakiyar hanya.

Ni dai a nan na fara jin tausayinsa. Mutum ne da ya kwanta aka yi ta caccakar ƙirjinsa tun hantsi har yamma bai ce uffan ba, ya yi sati yana zazzaɓi, fatar ta kumbura ta yi ruwa, ya rasa kokawa biyu. Duk yana cewa a ransa zafin so ne.

"Saura na ƙasa," in ji Idi. "Wanga akwai zuciya ciki. Sharif ya gwada mani ita ga waya. Ga ta nan, mai ɗigo ukku. Kak ka ce mani ba zuciya ta ba."

"Zuciya ta," in ji Luƙman. "Wagga kam ya yi ta da kyau. Duk cikin aikin, layin ga ɗai na babu kuskure."

Idi ya sauke numfashi. Hannatu ma, a can kan kujera, kafaɗunta suka ɗan sauka.

"Ina yas samo shi?" Luƙman ya tambaya.

"Cewa nay yi ƙirjina da hwaɗi, layi biyu sun yi kaɗan, a ƙara. Yas shiga ɗaki yah hito da shi rubuce."

Alhaji Abdulmalik ya miƙe. Wannan wurin yake jira tun safe, kuma bai yarda wani ya ƙwace masa shi ba.

"Luƙman, huta. Wanga ni ma na iya."

Ya juya ga kwalayen da ke bayansa, ya sauko da ɗaya na kofunan shayi. Ya rungumo shi ya zo ya tsaya gefen Idi, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa, ya juya shi ga jama'a.

A jikin kwalin akwai hoton kofi mai tsaga. A ƙarƙashinsa jan rubutu, alamomi huɗu.

Ba sai an yi karatu a ƙasar Sin ba. Ido ya je kwali, ya dawo ƙirji. Ya koma kwali, ya dawo ƙirji. Ta farko ita ce, ta biyu mai ɗigo uku ita ce, ta uku, ta huɗu. Kuma ba kwali ɗaya ba ne. Duk bangon da ke bayan Idi, daga ƙasa har rufi, abin da ke ƙirjinsa ne a jere.

"Shekara nawa ina sauke kayan ga," in ji Alhaji, "ban taɓa kula ba. Hotunan da ka yawo gari duk na kanka na da kaɗ ɗauka, waya ta juya su baya-baya awa madubi, shi yas sa ban gane ba. Sai ranar da nig ga wanda wani yaɗ ɗauke ka cikin hili. Nic ce, wanga rubutu na san shi. Luƙman, hwaɗa mashi."

"Ta hwarko ƙarami, ta biyu zuciya," in ji Luƙman. "Amma in sun haɗu ba zancen so suka yi ba. Ƙaramar zuciya, gare su, hattara kenan. Sharif ya ga zuciya ga kwalin da injinai yaz zo ciki, yaɗ ɗauka waƙar masoya ta. Biyun ƙarshe kuwa, a aje a hankali."

Ya ɗan dakata.

"Hattara, a aje a hankali. Abin da aka rubuta ma kayan da ka hwashewa."

Maganar ta isa kunnen kowa. Sai kasuwa ta ɗauka.

Issa ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Wani tsoho mai sayar da igiya yana dariya yana tari yana neman a ba shi ruwa. Daga baya wani ya ɗaga murya:

"Bango! Ashe tangaran na!"

"Firajil, kayan hwashewa! Idi Firajil!"

"A gaya ma 'yan Doso, in za su kada shi su aje a hankali!"

"Ashe roƙo yaka yi tun bara, mu ba mu iya karatu ba!"

Ku da ba ku san kokawa ba, ku fahimta. Ɗan kokawa yana iya faɗuwa ya tashi, shekara ta zagayo a manta. Suna ne ba ya tashi. Makaɗa za su sa shi a ganga, yara su bi shi da shi a hanya, abokin karawa ya raɗa masa a kunne suna riƙe da juna. Kuma ba a shiga fili da riga.

Idi ya kai hannu zai ɗauki shaddarsa. Alhaji ya ɗora kwalin kofunan a kanta.

"Tsaya mana, ba mu ƙare ba."

"Shina hita?" Idi ya tambayi Luƙman, a hankali, kamar mara lafiya a gaban likita. "In an wanke da wani abu?"

Luƙman ya daina dariya. Ina jin sai a lokacin ya lura mutum ne a gabansa.

"Tawadar ba bisa take ba, ƙalƙashin hwata take. Akwai injin haske da ka ƙone ta sannu-sannu, amma ba nan ba, kuma ga baƙar hwata shina barin tabo hwari. Wasu na ruhe shi da wani zanen, baƙi ƙirin. Masu gurzawa da gishiri ko ruwan batir, nama suka ci, rubutun ya koma tabo, kuma a karanta shi haka nan."

"Wanda duk yac canza halittar Allah," in ji Alhaji, "ga irin ribatai. An hana, an hana, kun ce malamai ba su waye ba. Kakanninka da sunka yi tsaga ga kumatu, ko banza kowa ya gani ya san ɗan gidan wa na. Kai ko kai ba ka san abin da ke jikinka ba."

Idi ya haɗiye wannan. Ya haɗiye Firajil, ya haɗiye wayar Issa. Ya tsaya tsirara daga wuya zuwa cibiya, gumi yana bin layukan, ya juya ga mutum ɗaya da ya rage masa a shagon.

"Alhaji, ko mi anka rubuta, don ita nay yi. Allura ba ta san ma'ana ba, zahin guda na. Ita ta sani. A tambaye ta."

"To ga ta nan," in ji Alhaji. "Hannatu, tashi."

Ta tashi. Ni kaɗai da ku muka san abin da ke ranta. Tun da aka ɗaga kwalin nan take jin bayan kafaɗarta yana zafi kamar yau Zalika ta huda shi. Abin da ake yi wa Idi dariya a kai, yana jikinta. Shi namiji ne, suna kawai zai samu. Ita fa?

"Ke kis sa shi?"

"A'a, Yaya."

"Kin san da zancen?"

"Ga bakin mutane nij ji, awa kowa."

"Hannatu," in ji Idi.

Ba ta dube shi ba.

"Akwai wata magana tsakaninku?"

"Gaisuwa ɗai. Shina tare ni ga hanyar lakkwal in za ni karatu, ina amsawa don kar in yi wulaƙanci."

Da a nan ta tsaya, wallahi da na yafe mata. Tsoro ne, kuma kowa ya san tsoro. Idi ma da ya yafe, don na ga ya sunkuyar da kai, ya fara jan shaddarsa daga ƙarƙashin kwali, zai tafi da rantsuwarsa a baki.

Amma ta ga yayanta yana kallon ta, bai gama gamsuwa ba. Ta ga wayar Issa ta juyo kanta. Sai ta ga gara ta ƙara.

Ta yi dariya. 'Yar siririya, ta 'yan makaranta.

"Haba Yaya. Franchement, tsakani da Allah, ni da wanga? Mutumin da ko sunanai bai iya rubutawa ba? Ni na aza ko aski yat tahi yi, ashe kwali anka maishe shi."

Benci ya sake tashi. Dariyar ta ba ta ƙarfi.

"In kaya sun ƙare maka, ka aza shi bisa kantar shago. Rubutun ya riga ya zamna."

"Kai, yarinyag ga!" in ji tsoho mai igiya, yana share hawaye.

Alhaji ya yi murmushi, karon farko tun da aka fara, murmushin gaske. Ya ɗauke kwalin daga kan shaddar da kansa.

"Ka ji. Ɗauki rigakka. In na sake jin sunanta ga bakinka, jandarma za su raba mu."

Idi ya ɗauki rigar. Bai sa ba. Ya tsaya yana kallon Hannatu, irin kallon da yake yi wa abokin karawa in ya gano ƙafar da ba ta da ƙarfi. Na san kallon nan, kuma ban so shi ba.

Sai a lokacin ta dube shi. Ta gane. Dariyar ta bushe a fuskarta, ta girgiza kai kaɗan, kaɗan ƙwarai, yadda shi kaɗai zai gani. Leɓenta ya motsa ba sauti: ka rantse.

Ya rantse kam. Ya ce ko za a yanka shi. Bai taɓa kawowa a ransa ita za ta riƙe wuƙar ba.

Ya juya ga Luƙman, cikin ladabi, murya a kwance.

"Malam Luƙman, tambaya guda, don ni jahili na."

"Ina jin ka."

"Alhaji ya ce in mutum yaɗ ɗauki kainai hoto, waya na juya rubutu baya-baya."

"Wasu wayoyin, haka na."

"To in daga irin wanga hoto anka kwahe layin ga na ƙasa, anka yi shi juye, ma'ana na canzawa?"

Luƙman ya ɗaga kafaɗa.

"Ba ta canzawa. Kuskure na bisa kuskure. Mai karatu ya sa madubi ya karanta."

"Ko da allura da baƙin tukunya anka yi shi?"

"Ko da mi."

"Ko ga bayan kahwaɗar mace?"

Dariyar benci ta yanke kamar an ɗauke wuta.

Alhaji Abdulmalik yana riƙe da kwalin kofuna. Bai ajiye ba.

"Wace mace?"

Idi ya zura kansa cikin shadda, ya gyara wuya, ya kakkaɓe hannu. Bai nuna kowa ba, bai ko waiwaya ba. Ba ya buƙata.

Hannun Hannatu na dama ya riga ya tafi da kansa. Ya ratsa ƙarƙashin hijabi, ya haye ƙirji, ya damƙe kafaɗar hagu. Kowa ya gani. Wayar Issa ma ta gani, don har yanzu bai kashe ba.

Kwalin ya suɓuce daga hannun Alhaji. Ƙarar gilashi ta cika shagon.

Bai dubi ƙasa ba.

"Hannatu," ya ce, a hankali. "Sauke hannunki."